Kaya sun makara, mi zan rubuta a saman talla?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Shaddata ta tsaya a hanya, ba zan iya aika koli ba sai nan da sati biyu. In rubuta a saman talla ko in yi shiru kar kiliya su gudu?"

Wa alaikumus salam ƴar uwa, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi don ni shirun nan na yi, kuma na sha kunyar da har yau ban manta ba. Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 kayana ta Lome suke biyowa, kin san ayarin kamiyo in ya tsaya a Burkina sai Allah. Wata Hajiya a Tawa ta yi kumandin turmi 12 na ankon bikin ɗiyarta, ta turo abansi jikka 60, ni ko kullum "gobe in sha Allah". Ranar da ta gane ba ta ma kira ni ba, murya ta ɗauka minti huɗu ta watsa wa matan unguwarsu wai ni ɓarauniyar Yamai ce, har ƙanwar mijina ta ji, ita ta turo mini. Na maida mata kuɗinta a ranar, ko "na gani" ba ta ce ba, matar da shekara uku ina ba ta bashi!

To ki rubuta, amma kar ki ce "ba da jimawa ba", kowa da tashi jimawar. Rana za ki sa. Ga nawa yanzu:

"Sanarwa, laraba 3 ga wata: kaya sun makara a hanyar Lome. Koli zai tashi daga Yamai litinin 15 ga wata. Mai gaggawa ya dakata da biya, wanda ya riga ya biya in yana so a maida mishi."

Direba in ya ce miki 10 ki rubuta 15, gara su iso da wuri. Kuma ki lura na ce zai TASHI, ba zai iso ba, don ranar da kika kai koli tasha daban, ranar da mai shi zai karɓa a Tawa daban, nan ne rigima take ɓullowa. Ki sa rubutun a jikin hoton farko ma, mutanenmu hoto suke turawa juna su bar bayanin.

Waɗanda sunka riga sunka biya kuwa kira su za ki yi ɗaya bayan ɗaya, kar su tsinci labarin a talla. Kaya na isowa ki cire sanarwar, ni na manta tawa har wata guda ina ta mamakin mi ya hana ciniki.

Hajiyar nan fa bana ta sake turo saƙo wai nawa turmi, ban amsa ba tukuna.