Bakin ganyen fulawata yana ƙonewa duk da ina ba ta ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah ina da sifaida filant guda biyu da dirasina ɗaya a falo, tun shigowar hunturu bakin ganyensu ya koma ruwan ƙasa ya bushe ƙayau kamar an ƙona da ashana. Kullum ina zuba musu ruwan bohol ɗin gidanmu, har kwana nake bari ruwan yayi a bokiti kamar yadda aka ce min. Ciwo ne ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ciwo bane, ba kuma ƙwari ba, dan haka karki sayi feshi. Abinda nafi zargi shine ruwan da kansa, hunturu kuma yazo ya ƙara masa ƙarfi.

Kinga ita shuka tana jan ruwa ne daga saiwa ya hau har ganye, sai ruwan ya fice ta ƙananan ƙofofin jikin ganyen ya bi iska. Ruwan ne kaɗai ke fita, duk abinda ya narke a cikinsa yana nan, kuma ƙarshen tafiyarsa shine tsinin ganye. To waɗannan iri biyun da kike dasu dogon ganye garesu mai tsini, can ƙarshen komai ke taruwa har ya kashe wajen. Duba gindin butar da kike dafa ruwan shayi, in kinga farin ɓawo ya manne, ko farin gari a bakin tukunyar fulawar da saman ƙasarta, to irinsa ne, su kalsiyam da maganiziyam da sauran gishirin ruwan ƙarƙashin ƙasa. A ce kina zuba lita ɗaya a sati, kuma kowace lita tana ɗauke da miligiram 500 na narkakken gishiri, wanda ba abin mamaki bane a ruwan bohol, a shekara kin zuba giram 26 kenan, kusan ƙaramin cokalin shayi biyar, a cikin 'yar tukunya ɗaya. In kuma ɗan kofi kike zubawa kullum wanda baya kai ga fita ta ƙasan tukunyar, babu inda gishirin nan zaije.

Sai fulorayid, wani sinadari da ke narkewa a ruwa, wanda shi nafi so ki gane dan shi ba a ganinsa, baya barin farin ɓawo. Sifaida filant da dirasina suna cikin shukokin da suka fi kowa rashin jure masa, miligiram 1 a lita ya isa ya fara ƙona musu baki a hankali, alhali mutum yana shan wannan lafiya lau, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha 1.5 ne. A wurare da yawa a Amurka da gangan ake sa shi a ruwan famfo saboda haƙori, mu a nan yawanci daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga rijiya da bohol. An san wurare da yawansa irinsu Langtang a Filato, Kaltungo a Gombe da Tibiri ta jihar Maradi, inda har ya taɓa ƙasusuwan yara. In yaran da suka tashi a unguwarku suna da dabbare-dabbaren fari ko ruwan ƙasa a haƙori, to ki ɗauka ruwanku nada shi, kuma wallahi wannan ya wuce maganar fulawa, ya kamata a kai ruwan a gwada.

Batun kwanar da ruwa a bokiti kuwa, kulorin kaɗai yake kora, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, shi kuma ruwan bohol na gida galibi ma babu kulorin a ciki. Fulorayid da gishiri ko sati ruwan yayi suna nan daram. Tafasawa ma bata fitar da fulorayid, sai dai ruwan ya ragu shi ya ƙara kauri.

Ɗauki ganye ɗaya ki duba shi a haske. In tsinin ne kawai ya bushe, siriri, launin takardar siminti, kuma daga nan kore ya ɗora kai tsaye, wannan yafi kama da bushewar iska. In ƙunar tayi duhu ko jaja-jaja, akwai layin ruwan ɗorawa tsakaninta da koren, tana kuma gangarowa ta gefen ganyen, musamman a tsofaffin ganye, to ruwan ne. A dirasina mai farin zane har tabo zaki gani a kan farin. Amma in ganyen yayi laushi ya koma ɗorawa gaba ɗaya, ƙasar a jiƙe sharkaf tana ɗan wari, wannan wata matsala ce daban, ruwa ne yayi yawa saiwa ta fara ruɓewa, kuma tunda kince kullum kike zubawa ina so ki tabbatar da wannan tukun.

Dalilin da yasa sai da hunturu abin ya fito, danshin iska a arewa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a lokacin, su kuma sunfi jin daɗin 40 zuwa 60. Iskar da ke tsaga mana leɓe da diddige ita ke zuƙe ganyen, yana yawan sakin ruwa yana yawan jawo gishiri zuwa baki. In suna saitin esi ko fanka ko tagar da iska ke kaɗowa, ki ɗauke su daga nan yau, ki haɗa su ukun waje ɗaya. Fesa musu ruwa ni ban cika ba shi muhimmanci ba, minti kaɗan ya bushe, in ma ruwan bohol ne sai ya bar farin tabo. Goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma yafi shi amfani.

Ga aikin da zaki yi. Fitar da tukunyar tsakar gida ko banɗaki, ki tabbata tana da huda a ƙasa, ki kankare farin da ke saman ƙasar da cokali ki zubar. In tukunyar tana cin kamar lita 3, ki samu lita 9 na ruwa mai kyau ki dinga zubawa a hankali yana fita ta ƙasa, ki barta ta tsane sosai, karki bari ta zauna cikin ruwan da ya fito. Ki maimaita duk bayan wata biyu ko uku. Ruwa mai kyau ɗin shine ruwan sama in kin tara, ko ruwan da ke ɗiga daga bututun esi, wanda a gaskiya kusan babu gishiri a cikinsa kuma kyauta ne, sai dai da hunturu baya ɗiga sosai. Fiya wata kuma ya danganta da kamfani, wanda aka tace da injin RO yana cire yawancin fulorayid, wani kuwa ruwan bohol ne kawai aka ɗan tace aka ƙulla. In ruwan kirkin bai isa ba ko rabi da rabi kika haɗa da na bohol kin rage matsalar da rabi.

Daga nan ki daina ba su kullum. Sa yatsa a ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in ya bushe ki zuba da yawa har ya fita ta ƙasa. Taki kuma ki dakatar har zafi ya shigo, kuma dan Allah karki sa musu takin sufa na gona, akwai fulorayid a cikinsa.

Wajen da ya riga ya ƙone ba zai koma kore ba. Sa almakashi mai kaifi ki yanke a karkace yadda zai bi siffar ganyen, ki bar ɗan siririn busasshen layi, dan in kika shiga cikin koren sabon bakin ma zai bushe. Sabbin ganyen da zasu fito daga tsakiya su zaki sa wa ido, ki ba su kamar sati shida zuwa takwas. In sun fito da baki kore to ruwan ne dama. In su ma sun ƙone, zare sifaidar daga tukunya ki duba, tana da fararen saiwoyi masu kauri kamar ƙananan rogo, in sun cika tukunyar har ƙasa ta kusa ƙarewa sai ki sake mata wadda ta ɗan fi girma da sabuwar ƙasa.