Cin ratar farashi a cacar ƙwallo

Tambaya: "An ce in na saka kuɗi a ɓangarori biyu ba zan yi asara ba. Gaskiya ne?"

A lissafi kam, haka ne, amma sai idan ratar farashin kamfanoni biyu ta isa. Misali a wasan tanis, wani kamfani ya ba ɗan wasa na farko farashin 2.10, wato abin da ka sa zai ninku sau 2.10 idan ya ci, wani ya ba na biyu 2.10. Ka sa dubu goma kowane gefe, ko wa ya ci, dubu ashirin da ɗaya ke dawowa. Masu amfani da kyautar rajista ma haka suke rufe duka ɓangarorin biyu.

Matsalar, malam, idan farashin kuskure ne, kamfani zai soke gefe ɗaya, ka zauna da caca tsagwaronta. Ko su ƙayyade maka adadi bayan ka riga ka sa na farkon. Da sun gane ka kuma, su taƙaita asusunka. Batun halasci, tambayi malamai.