Digiri 70 da digiri 70 ba ɗaya ba ne

Malam, na ga marasa lafiya biyu masu ciwon Dupuytren, mai janyo yatsa zuwa tafi, a mako guda. Na farko dattijo ne mai shekara 71, yatsan zobensa ya lanƙwashe digiri 60 a gaɓar tushe, 10 a gaɓar tsakiya. Na biyu shekararsa 44, ƙaramin yatsa ne, 10 a tushe, 60 a tsakiya, kuma mahaifinsa ma ya yi ciwon. Da na haɗa lissafi, duka biyun mataki na 2 suke a ma'aunin Tubiana. Na yi niyyar sakin su duka da bakin allura. Ko akwai abin da ban hango ba?

Ɗana, lissafinka daidai ne, kuma na ji daɗi da ka auna kowace gaɓa daban maimakon ka kalli hannu ka yi kirdado. Ma'aunin Tubiana yana tara digirin da ya rage yatsa ya miƙe a gaɓoɓinsa uku: har zuwa 45 mataki na 1, daga nan zuwa 90 mataki na 2, zuwa 135 mataki na 3, abin da ya haura haka mataki na 4. Yana da amfani wajen rubutu a kati da kwatanta bara da bana. Amma jimla ce, kuma jimla tana ɓoye inda ciwon ya zauna. Hannuwan nan biyu lamba ɗaya kawai ta haɗa su.

Ka tuna abin da ke faruwa a ciki. Tantanin nan mai ƙarfi da ke shimfiɗe ƙarƙashin fatar tafin hannu shi ne yake yin kauri. Yakan fara da ɗan kullutu kusa da layin tafi, wani lokaci da ɗan lotsawar fata, daga baya ya zama igiya mai tauri da ke janyo yatsa zuwa tafi. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa lafiyarta lau, tana can ƙasa. Saboda haka aikinmu a kowace hanya shi ne mu raba yatsa da wannan igiya ba tare da mun taɓa abin da ke kwance kusa da ita ba. Ba ma taɓa kullutu don yana nan kawai. Muna shiga ne idan mutum ya kasa shimfiɗa tafinsa a kan tebur, gaɓar tushe ta kai wajen digiri 30, ko gaɓar tsakiya ta fara lanƙwashewa tana ƙaruwa.

Dalilin da ya sa muke haƙuri da gaɓar tushe amma muke gaggawa da ta tsakiya yana cikin ƙirarsu. A gaɓar tushe, zaruruwan da ke riƙe da ita ta gefe suna miƙewa ne idan ta lanƙwashe, don haka ko ta shekara goma a tanƙware ba sa gajarta. Da ka tsinke igiyar, sai yatsa ya tashi. Gaɓar tsakiya ba haka take ba. Idan ta daɗe a lanƙwashe, zaruruwan gefenta da faifan da ke gabanta suna ƙanƙancewa, jijiyar da ke miƙar da ita ta baya kuma tana saki ta yi laushi. Kana iya cire igiyar kakaf, gaɓar ta ƙi miƙewa, ko ta miƙe a hannunka a ɗakin tiyata, bayan wata uku ta koma.

To, dattijon nan naka, allura ta dace da shi ƙwarai. Ka sa shi ya miƙe yatsan iyakar ƙarfinsa, ka shafa tafin da babban yatsanka. Idan ka ji igiya guda, siririya, ta ɗago fata kamar tsirkiyar baka, kana da abin da kake so. Kafin ka fara, ka lanƙwasa gaɓar tushe ka sake auna ta tsakiya. Sau da yawa wannan digiri 10 yakan ɓace, wanda ke nuna igiyar tafi ce ke jan ta, gaɓar kanta ba ta ƙage ba.

Allura mai lamba 25 ta isa. Ka zaɓi wurare biyu ko uku a kan igiyar inda fata take motsi a kanta, ka guji layin tafi da kan kullutu, domin a nan fata take manne kuma a nan take yagewa. Maganin kashe zafi ɗigo kaɗan ne, a cikin fata kawai. Wannan maganar ka riƙe ta da kyau, domin ni da hannuna na koye ta. Ina sabon shiga na tausaya wa wani mutum, na zurfafa maganin don kada ya ji komai. Bai ji komai ba kuwa, har lokacin da bakin allurata ya taɓa jijiyar jin yatsansa. Wata huɗu ya yi gefen yatsan a mace kafin ji ya dawo, kuma duk zuwan da ya yi sai na ji nauyinsa a ƙirjina. Jijiyar da take farke ita ce mai tsaronka. Ka ce wa mara lafiya da ya ji wani abu kamar wutar lantarki ta sauka zuwa kan yatsa, ya yi magana nan take, kai kuma kana shafa kan yatsan kana tambayarsa bayan kowane wuri.

Ka ja yatsan igiyar ta ɗaure, ka shiga da bakin allura kana sossoke ta kana ɗan shararawa a gicciye. Za ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar kana yanka busasshen zare. Idan wannan ƙarar ta ɗauke, ka wuce igiyar, ka tsaya. Ka ce ya motsa kan yatsa a hankali: in allurar ta bi motsin, tana cikin jijiyar lanƙwasawa, ka janye. Daga nan ka miƙe yatsan da ƙarfi a natse, sai ka ji igiyar ta tsinke. Fata na iya ɗan tsagewa, ba a ɗinke ta, wanki da bandeji sun isa. Cikin kwana biyu ko uku yana amfani da hannunsa.

Amma ka faɗa masa gaskiya tun kafin ka fara: ciwon yana dawowa. A gwajin da van Rijssen da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Holan, wanda aka buga a 2012, bayan shekara biyar ya dawo wa kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allura, a tiyata kuma kusan kashi 21. Wannan adadi yana tsorata sababbin likitoci, ni kuwa ba ya hana ni. Ga mai shekara 71, ciwon yana tafiya a hankali, kuma in ya dawo ana iya maimaita allurar cikin minti ashirin. Wannan ya fi masa yanka da makonnin jinya.

Allurar kolajines, wato sinadarin da ake samu daga wata ƙwayar cuta yana narkar da igiyar, kusan wannan gurbin take nema. Amurka ta amince da ita a 2010. Ana zuba miligiram 0.58 cikin igiyar, mara lafiya ya dawo bayan kwana ɗaya zuwa uku a miƙe yatsan. Hannu yakan kumbura jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, wani har kaluluwa ta fito masa a hammata, kuma in maganin ya zarce zuwa jijiyar lanƙwasawa yana iya tsinka ta, musamman a ƙaramin yatsa. Gwaje-gwajen da suka kwatanta ta da bakin allura a gaɓar tushe ba su nuna ta fi ba, ga tsada, kuma an janye ta daga kasuwar Turai a 2020 saboda dalilin kasuwanci. A ganina, inda igiyar ta yi faɗi da kauri har bakin allura ba zai iya da ita ba, tana da wurinta. A igiya siririya kamar ta dattijon, ban ga abin da za ta ƙara maka ba.

Na biyun shi ne ya sa na zauna na rubuta maka da tsawo. Shekara 44, ga gado daga uba. Ka koma ka duba ɗaya hannun, ka duba bayan gaɓoɓin yatsunsa ko akwai kauri kamar kanta, ka sa ya cire takalmi ka shafa tafin ƙafarsa ko akwai kullutu. Duk wanda ka samu a cikin waɗannan yana gaya maka ciwon nasa mai zafin nama ne, kuma kowace hanya ka bi zai nemi dawowa da wuri. Irin wannan mutum yana da shekaru masu yawa a gaba tare da ciwon, don haka aikin farko ya kamata ya zama mai ƙarko.

Sannan ga wurin. A cikin yatsa, igiyar ba ta tafiya a miƙe kullum. Akwai wadda take nannaɗe jijiyar ji da jijiyar jini, idan ta ɗaure sai ta janyo su daga gefe zuwa tsakiya, ta ɗago su har ƙarƙashin fata. Alamarta ita ce wani nama mai laushi da za ka ji kwance a kan igiyar tsakanin layin tafi na ƙarshe da gindin yatsa, kuma rashin jin sa ba ya wanke wurin. A ƙaramin yatsa kuma sau da yawa akwai wata igiyar da ke tasowa daga tsokar gefen hannu. Allura a nan aiki ne a cikin duhu, a wurin da jijiya ba ta inda littafi ya ce take. Akwai ƙwararrun da ke yin sa, amma gyaran da ake samu a gaɓar tsakiya kaɗan ne kuma ba ya daɗewa. Da kolajines ma, bibiyar shekara biyar ta nuna ya dawo a kusan kashi biyu cikin uku na gaɓoɓin tsakiya.

Shi tiyata za mu yi masa, mu cire igiyar da ta lalace. Za mu ɗaure dantse don jini ya tsaya, mu sa gilashin ƙara girma, mu yi yanka mai zigizag don tabo kada ya zama wata sabuwar igiya. Dokar ita ce ka nemo jijiyar ji a tafi, inda nama yake lafiya, ka bi ta a hankali zuwa cikin yatsa, kada ka yanke komai sai kana ganin ta da idonka. Bayan igiyar ta fita, ka gwada miƙe gaɓar a hankali. In ta tsaya a digiri 15 ko 20, sau da yawa nakan bar ta haka, domin buɗe gaɓar kanta yana iya sa ta ƙage, kuma yatsan da ya miƙe amma ba ya dunƙulewa ya fi cutar da mutum. Kafin ka rufe, ka saki ɗaurin dantse ka jira yatsa ya yi ja. In ya tsaya fari, ka ɗan lanƙwasa shi, ka ɗumama da ruwan gishiri mai ɗumi, domin jijiyar jinin da ta saba da gajarta tana shaƙewa idan aka ja ta. Idan fatar ta manne da ciwon sosai, ko kuma ya dawo daga baya, sai a cire fatar tare da igiyar a dasa wata.

Ka shirya shi tun yanzu: za a cire zare wajen mako biyu, zai yi makonni yana atisayen yatsa da sa karan ɗori da dare, kuma ba mu yi masa alkawarin yatsa zai miƙe sak ba. Ka kira shi ya zo ranar da nake duba marasa lafiya, ka auna gaɓar tsakiyar sau biyu, da tushe a miƙe da tushe a lanƙwashe, ka gwada jin ɓangarorin yatsan biyu ka rubuta. Dattijon kuma ka sa shi a ranar, kai za ka riƙe allurar, ina tsaye a gefenka.