Sanda mai lilo daga kai ɗaya

"Na rataye sandar ƙarfe mai tsawon mita 1 daga kai ɗaya, lissafina ya ba ni sakan 2 amma agogo na nuna 1.6, ina kuskuren?"

Malam, lissafin dutse a bakin zare ka ɗauko, ita kuwa sanda nauyinta a baje yake tun daga sama har ƙasa, shi ya sa ta fi saurin kaiwa da komowa. Ga naka:

```
T = 2π√(I/mgd)
I = mL²/3, d = L/2
T = 2π√(2L/3g)
```

I ɗin nan shi ne moment of inertia, wato ma'aunin yadda nauyin sanda ya baje daga ƙusar da ka rataye ta, d kuwa daga ƙusar ne zuwa tsakiyar sanda. Ka ga m ya fita ma, ko katako ko ƙarfe duk ɗaya. Saka L = 1, g = 9.8, sakan 1.64 ke nan, agogonka bai yi ƙarya ba. Sai dai fa kar ka ja ta da nisa, digiri 10 ya isa, in ka wuce lokacin zai fara ƙaruwa. Kuma ka ƙirga zuwa da dawowa 20 ka raba, yatsa ba ya kama ɗaya daidai.