Na yi scaling kafin raba data, laifi ne?

"Na sa StandardScaler a duk data sannan na raba ta zuwa kashin horo da na gwaji, mai intabiyu ya ce akwai kuskure, wane iri?"

Ɗan'uwa ai data ta zurara ne. Scaler ya lissafa mean daga duk layukan har da na gwaji, kenan model ya leƙa takardar jarrabawa tun kafin a shiga aji. Raba tukuna, yi `fit` a na horo kaɗai, na gwaji `transform` kawai.

Ni ma haka aka kama ni a wata intabiyu nan Zariya, mutumin ya ce to idan cross-validation ne mai kashi 5 fa? Nan suke gane mai hadda, don kowane zagaye sai scaler ya sake koyo daga kashi 4, shi ya sa ake saka shi cikin `Pipeline`.