An gayyace ni adashin da zubinsa ya fi ƙarfina, yaya zan ƙi shiga ba tare da an ɓata ba?

Tambaya: Abokan aikina sun haɗa adashi na mutum goma, zubin 30,000 kowane wata, kuma wadda ke riƙe da shi babba ce a wurina, ina jin nauyinta sosai. Abin da nake samu a wata 120,000 ne, idan na cire hidimomin dole bai fi 20,000 yake rage mini ba. Ta ce idan na shiga za a ba ni kwasar farko. Ina tsoron in ƙi a ce na raina su ko ban yarda da su ba. Me ya kamata in yi?

Amsa: 'Yar'uwa, shawarata ita ce kada ki shiga a kan wannan zubin, kuma ki sanar da uwar adashin tun kafin a rufe sunaye. Zan fara da dalili kafin in zo kan yadda za ki faɗa, domin wanda bai gamsu da dalilinsa ba yakan sassauta da zarar an matsa masa sau biyu.

Mutane da yawa suna kallon adashi a matsayin ajiya kawai, alhali kuwa rabinsa bashi ne. Duk wanda ya kwasa kafin ƙarshen zagaye ya karɓi kuɗin da bai riga ya zuba ba, saboda haka ana bin sa bashi har ranar zubi na ƙarshe, wanda kuma yake jiran kwasa a baya shi ne mai ba da rance ba tare da riba ba. Wannan ne ya bambanta shi da asusun da mutum yake tara wa kansa. Idan wata ya yi miki tsanani kina iya tsallake ajiyarki babu wanda zai ji a jikinsa, amma idan kika tsallake zubi, akwai wata takamaimiyar mace wadda watan kwasarta ne, wadda wataƙila ta riga ta yi wa mai gida alkawarin kuɗin haya ko ta sa ranar biyan kuɗin makaranta, kuma ita ce za ta karɓi kuɗinta da giɓi. Abin da ake neman ki amince da shi ke nan: alkawari goma a jere, kowanne da ranarsa da mai jiransa.

Yanzu mu duba lissafinki. Rararki 20,000 ce, zubi kuma 30,000, wato kowane wata akwai giɓin 10,000, wanda a wata goma zai zama 100,000. Wannan kuɗin ba zai fito daga ko'ina ba sai daga ɗayan wurare biyu, ko dai ki matse hidimomin da ke da kanki kika kira na dole, ko kuma ki ci bashi a waje don ki cika zubi. Idan kika ga mutum yana rance a gefe domin ya biya adashi, to adashin ya daina yi masa aikin da aka kafa shi dominsa, musamman idan rancen mai ruwa ne, domin a lokacin yana biyan ƙari ne a kan tsarin da shi kansa ba ya ba da ribar komai.

Tayin kwasar farko shi ne abin da ya fi ruɗar mutane, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A watan farko za a miƙa miki 300,000, wanda 30,000 ne kawai naki a ciki, sauran 270,000 kuɗin mutum tara ne da za ki mayar a cikin wata tara. Mu ɗauka kina da tsananin riƙon kai, kika ce za ki ware abin cike giɓi daga cikin kwasar. Za ki cire 10,000 da kika nemo don cika zubin farko, sannan ki ajiye 90,000 na sauran watanni tara. Abin da zai rage a hannunki wanda za ki iya kashewa da gaske 200,000 ne, wato daidai abin da za ki tara da kanki idan kina ajiye rararki ta 20,000 har wata goma. Amfanin da kika samu shi ne kuɗin sun zo da wuri, kuma wannan amfani ne na gaske idan akwai wata buƙata takamaimiya da ke jira, kamar jarin da zai riƙa dawo da wani abu kowane wata. Abin da kika bayar a madadinsa kuwa shi ne dukan rararki ta wata goma, ba tare da ko kaɗan ya rage don rashin lafiya ko jinkirin albashi ba. A zahiri ma wannan 90,000 ɗin da aka ce an ware ba kasafai yake kaiwa wata na huɗu ba, domin kuɗin da ke ajiye a hannu buƙatu suna ganinsa, kuma 'yan'uwa sukan ji labarin cewa an kwasa. Mai kwasar farko da ya gaza a tsakiya shi ne wanda ya fi kowa shan zargi, tunda ana ganin ya ci kuɗin mutane ya tsaya, ko da kuwa Allah ya sani ba da niyya ba ne.

Ma'aunin da nake ba mutane shi ne su auna zubi da watansu mafi wahala a cikin shekarar da ta wuce, kada su auna shi da wata mai daɗi ko matsakaici. Ki tuna watan da hidima ta fi yi miki yawa, ki tambayi kanki nawa za ki iya fitarwa a cikinsa ba tare da kin nemi taimakon kowa ba. Wannan adadin shi ne iyakar zubinki, kuma a yanayinki ina kyautata zaton bai wuce 10,000 ba, wataƙila ma bai kai ba.

Game da yadda za ki ƙi, lokaci ya fi kalmomi muhimmanci. Uwar adashi tana buƙatar hannu goma cif, kuma idan kika ce a'a tun yanzu, abin da kika ɗora mata shi ne neman mutum ɗaya, wanda aiki ne na kwanaki kaɗan. Idan kuwa kika ce “bari in gani” ko “sai na yi shawara” don gudun kunya, za ta rubuta sunanki, ta tsara jerin kwasa da ke a ciki, ta sallami wasu masu so, sannan janyewarki ta zo a lokacin da za ta rushe mata tsari. Yawancin ɓacin ran da ake samu a irin wannan lamari daga amsa mai harshen damo yake fitowa, domin ƙin da aka yi a fili kuma a kan lokaci ba ya jawo wa kowa asara.

Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban sauran ba, kuma baki da baki ya fi saƙon waya tunda babba ce. Bayan gaisuwa kina iya cewa: “Yaya, na gode ƙwarai da kika tuna da ni, na san ba kowa ake sa wa a cikin wannan adashi ba. Na zauna na yi lissafi, na ga zubin ya fi ƙarfina a wannan karon, kuma ba na so in shiga in zo in ba ki kunya a gaban mutane. Na ga ya fi in faɗa miki da wuri domin ki samu wanda zai cike gurbin.” Wannan maganar ta amsa tsoron da kike ji, domin ta nuna cewa matsalar tana aljihunki, ba ta shafi amanarsu ba, kuma ta tuna mata cewa ita ce za a fara tuhuma idan wadda ta kawo ta gaza. Uwar adashin da ta daɗe tana wannan aiki ta san zafin bin mutum zubi, sau da yawa ma ita ce take cikawa daga aljihunta don kare mutuncinta, saboda haka za ta fahimci maganarki fiye da yadda kike zato.

Abubuwa biyu nake so ki kiyaye. Kada ki ƙirƙiri dalilin ƙarya, kamar cewa kina cikin wani adashin ko an hana ki a gida, domin a wurin aiki magana ba ta ɓuya, kuma ranar da gaskiya ta fito a nan ne za a ce lallai ba ki yarda da su ba. Haka kuma ba dole ba ne ki baje mata albashinki da hidimominki dalla-dalla, saboda duk adadin da kika faɗa ƙofar ciniki ce, za a fara nuna miki inda za ki rage. “Ya fi ƙarfina” cikakken dalili ne. Idan ta sake matsawa, ki maimaita shi cikin ladabi ba tare da ƙara sabon uzuri ba. Idan kuma ta ce za ta riƙa cika miki duk watan da kika gaza, ki gode mata ki ƙi, domin hakan ya mayar da ke mai bashi biyu, na adashi da nata, kuma na biyun ba shi da rana, sai nauyin da za ki riƙa ji duk sanda kuka haɗu.

Wataƙila a kawo miki shawarar rabin hannu, wato ki haɗu da wata ku riƙa zuba 15,000 kowacce, ku raba kwasa 150,000 kowacce. Wannan ya shiga cikin rararki, amma zai bar miki 5,000 kawai a wata, wanda a ganina ya yi kaɗan ga mai hidima. Idan duk da haka kina so, ki tabbatar uwar adashi ta rubuta sunayenku biyu daban, kowacce da alhakin rabinta, domin idan hannun da sunanki kaɗai yake, ranar da abokiyar haɗinki ta gaza ke za a bi cikon 30,000, kin koma inda kika gudu.

Idan kuwa kin riga kin furta mata “to” saboda kunya kuma ba a fara zubi ba, har yanzu ƙofa a buɗe take, sai dai ki je mata yau ko gobe, ki ba ta haƙuri a kan amsar farko, kuma idan kin san wata amintacciya mai iya zubin ki ambata mata ita ba tare da kin tsaya mata lamuni ba. Daga nan ki fara ajiye 10,000 a rana ɗaya tsayayya kowane wata, a wurin da hannunki ba ya saurin kaiwa, har wannan zagayen nasu ya ƙare. Idan kika iya wata goma ba ki tsallake ba, kin san adadin da za ki iya ɗauka a zagaye na gaba ko a wani adashi mai ƙaramin zubi, kuma kina da 100,000 a gefe da za ta tare miki watan da albashi ya makara.