Mutum uku ke rubutu a shafinmu, ta yaya za mu zama baki ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin ɗinki a Kaduna, muna yin abaya da dogayen riguna na 'yan mata, shekararmu ta biyu ke nan. Ni da ƙanwata da wata yarinya da muka ɗauka muke rubutu a Instagram da WhatsApp, amma kowacce da salonta, har wata kwastoma ta tambaye ni ko an sayar da shafin ne. Ta yaya zan tsara takardar da za mu riƙa bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shafi biyu ya ishe ki. In takardar ta wuce haka, ranar da aiki ya yi yawa ba wadda za ta buɗe ta. Kuma kada ki fara da jera siffofi irin su "mu masu fara'a ne, masu aji". Ƙanwarki za ta fahimci fara'a a matsayin barkwanci, yarinyar kuma ta fahimce ta a matsayin zuba alamomin zuciya guda goma a kowane layi, kuma dukkansu sun bi umarni. Abin da ke ɗaure mutane shi ne hukunci a kan ƙananan abubuwa, kowanne da misalin jimlar da ake so da wadda ba a so.

Ki fara da kwaso rubutunku guda ashirin na baya-bayan nan, har da amsoshin da kuka bayar a WhatsApp. Ki ware biyar da kika ji cewa su ne ke, da biyar da suka sa ki jin kunya. Daga nan dokokin za su fito, ba daga shafin wani kamfani na waje ba.

Hukunci na farko, wanda ya fi kowanne nauyi a Hausa, shi ne yadda kuke kiran mai karatu. "Ki zo ki gani", "ku zo ku gani" da "a zo a gani" mutane uku ne daban suke magana: ƙawa, mai shago mai ladabi, da mai shela a rediyo. Tunda 'yan mata kike ɗinka wa, "ki" ya fi dacewa da rubutun da ke ƙarƙashin hoto, domin yarinya ita kaɗai take kallon wayarta. Amma ki tuna cewa sau da yawa uwa ce ko miji ke biyan kuɗin. Saboda haka ki rubuta doka ta biyu: a saƙon sirri, in ba a san wa ke magana ba, da "ku" ake farawa har sai mutum ya bayyana kansa. Haka ma sunan girmamawa. Ki zaɓi ɗaya, ko "Hajiya" ko "'yar'uwa", ki hana sauran. In yau an ce wa mace Hajiya, gobe wata ta ce mata "ƙawalli", za ta gane cewa hannu ya canza. Ku kuma kanku, "mu" ne ko "ni"? Ga kamfanin da mutum uku ke rubuta masa, "mu" ne kawai ba zai zama ƙarya ba.

Sai harshe. Matasa a Kaduna da Abuja Ingausa suke yi, ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar wa kowa ya gauraya yadda ya ga dama. Ki sa iyaka a fili, misali: jimla Hausa ce, Turanci sai a sunan ƙirar riga da kalmomin da kwastoma da kanta take amfani da su. Ki kuma yanke ko za ku riƙa sa ƙ, ɗ da ɓ. Shawararmu ku sa, tunda Gboard yana da madannin Hausa. Amma ko wanne kika zaɓa, ya zama ɗaya ga kowa.

Ga yadda abin yake a aikace. An ɗinka baƙar abaya ta yadin nida, mai duwatsu a hannu. Ƙanwarki ta rubuta: "Wayyo Allah 'yan mata, wannan ta kashe kasuwa!!! A zo inbos don jin farashi." Yarinyar ta rubuta: "Muna farin cikin sanar da abokan cinikinmu masu daraja fitowar sabuwar abaya mai inganci da rahusa." Ta farko ta yi ihu ba ta faɗi komai ba, ta biyu kuma wasiƙar ofis ce. Wadda za ki sa a takarda a matsayin abin koyi ita ce: "Baƙar abaya ta nida, mara nauyi, da duwatsu a bakin hannu kawai. Za ki iya zuwa ɗaurin aure da ita, ki sa ta ranar Litinin ki tafi lakca. Tsawo 54 zuwa 60. ₦38,000. Ɗinki kwana bakwai." Ki lura da tsarin: mene ne, ina za a sa shi, awo, farashi, lokaci. Instagram yana yanke rubutu bayan layukan farko ya ɓoye sauran, don haka sunan kaya da abin da ya bambanta shi su zo a gaba, gaisuwa ta jira. Ki kuma tsayar da yadda ake rubuta kuɗi, kada yau 38k gobe dubu talatin da takwas.

A ƙarƙashin wannan ki yi ɗan jerin kalmomin da aka hana. "Mai inganci da rahusa" ya shiga ciki, domin kowane mai talla yana faɗinsa, ya daina nufin komai. Duk wata magana a kan jikin mace, irin "yana ɓoye ƙiba", ita ma ta shiga. A ce "yana da walwala". Alamomin murmushi kuma ki ƙayyade su, biyu a rubutu ɗaya sun isa.

Inda yawancin takardu ke gazawa shi ne ranar ɓacin rai. Saura kwana uku Sallah, ɗinkin wata bai fito ba, ta zo ƙarƙashin hoto tana faɗa. Nan ne ɗaya za ta yi ta rantse-rantse, ɗaya ta mayar da martani, ɗaya ta goge maganar. Ki rubuta amsar tun yanzu da hankali yake kwance: "Ki yi haƙuri, laifinmu ne. Rigarki za ta fito gobe Laraba kafin la'asar, kuɗin kawowa a kanmu. Mun turo miki saƙo." Murya ɗaya ce da ta tallar abaya, gajera, da "ki" da "mu", mai faɗin takamaiman abu, wasan ne kawai aka cire. Kada a ɗora wa tela ko direban mota laifi a bainar jama'a. "In sha Allah" kuma ta zo tare da rana da lokaci, in ba haka ba kwastoma za ta ɗauka hanya ce ta zillewa. Ki yi irin wannan amsa ga mai neman ragi da wadda awo bai yi mata ba, ki ajiye su a Quick replies na WhatsApp Business, ta yadda in an buga `/jinkiri` ko `/awo` za su fito. Ki ƙara layi ɗaya kan azumi da ranakun da aka yi rashi a gari: a rage barkwanci, ko a ɗage talla zuwa gobe.

Don ki san ko takardar ta kama, bayan wata ɗaya ki kwafe rubutu tara, uku daga kowacce, ki cire hotuna, ki ba wa wani wanda ya san ku ukun ya faɗi wadda ta rubuta kowanne. In ya gane cikin sauƙi, ki tambaye shi abin da ya tona asirin. Yawanci kalma ɗaya ce ko yadda ake rufe jimla, sai ki ƙara doka a kanta tare da misalinta.